Dam ɗaya, gida ashirin: wa zai fara rage shanunsa?

Malam_Sani_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar zango. Na rubuta wani ɗan labari da nake so in karanta wa ɗalibaina na makarantar dare. Ƙagagge ne, garin ma babu shi a ko'ina. Ku karanta ku faɗa mini, a cikin mutanen taron nan wa ke da laifi, kuma da a ce kai ne sarkin, me za ka yanke? Ga shi.

Wani ƙauye ne can arewa, gaba da Tamale, gida ashirin ne cif. Suna da dam ɗaya da fadama a gefensa. Ba na kowa ba ne, na gari ne. Da rani duk shanun garin a fadamar suke kiwo, a dam ɗin suke sha, mata ma a nan suke ɗibar ruwa. A da ruwan yakan kai su har saukar damina. Shekara uku ke nan yana ƙafewa tun hadari bai fara haɗuwa ba.

Sarki ya sa aka yi shela, bayan la'asar aka hallara a gindin tsamiya. Magajiya ce ta fara. Ta ajiye kwano a gaban sarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne ruwan da muka ɗebo yau. In akwai namijin da zai sha, bismillah." Aka leƙa, ruwa ya yi kauri, ga kashin shanu yana yawo a sama. Babu wanda ya miƙa hannu.

Sarki ya juya wurin Ardo, wanda shi da yaransa ke kiwon shanun gari duka. Ardo ya ce lokacin da ya karɓi kiwon nan shanu 100 ya ƙirga, yau da safe 140 ya ƙirga. Ya ce gamba ta ƙare a fadama, tafasa ce ta maye gurbinta, shanu kuma ba sa cin ta. Ya ce gaɓar dam ta zube saboda tattaki, ƙasa tana gangarawa ciki tana cike shi.

Liman ya yi nasiha kan haƙƙin maƙwabci, aka yi ta gyaɗa kai. Sarki ya ce, "To, duk mun yarda shanu sun yi yawa?" Aka amsa baki ɗaya. Ya ce, "Mun yarda a rage?" Aka amsa da ƙarfi fiye da na farko. Ya ce, "To wa zai fara?" Wurin ya yi tsit.

Can wani dattijo mai saniya biyu ya ce a yi adalci, kowane gida biyar, ashirin sau biyar ɗari ke nan. Alhaji mai shanu 25 ya miƙe tun bai rufe baki ba. Ya ce gidansa baki talatin ke ci, ta yaya za a auna shi da gidan mutum uku? Kuma bara da aka zo yashe dam, wa ya sayi man katafila? Shi a ganinsa kowa ya rage kashi ɗaya cikin uku na abin da yake da shi. Dattijo ya ce, "Ni mai biyu, ƙafa zan yanke ko wutsiya?" Aka yi dariya, amma Alhaji bai yi ba.

Wani saurayi ya ce ai maganar banza ake yi. Shanun ƙauyen gabas suna zuwa sha da daddare, ya ga sawunsu. "Mu rage namu, su ƙaro nasu. Mu yi azumi, wani ya sha ruwa?"

Sarkin fawa ya kawo shawarar kuɗi: duk sa ɗaya da ya haura biyar a biya masa haraji, a tara a riƙa yashe dam. Aka ce shawara ta yi. Sai wani daga baya ya tambaya, "Wa zai riƙe kuɗin? Wanda ya riƙe na gyaran famfo?" Mutum biyu suka tashi za su cakumi juna, aka raba.

Sai Magajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Shanun nan goma sha biyu masu sabon tambari, na waye?" Sarki ya gyara rawani, ya ce na surukinsa ne da ke Kumasi, amana ce aka ba shi, amana kuwa ba a wasa da ita.

Ladan ya kira magariba. Aka naɗa kwamiti na mutum biyar, aka shafa fatiha, aka watse.

A hanyar gida dattijo mai saniya biyu ya yi ta lissafi. Yana da kuɗin gyaɗa a ajiye. Ya ce a ransa, in doka ta zo a kan abin da kowa ke da shi za a yanke, gara ta same ni da uku. Alhaji ma irin lissafin da ya yi ke nan, saurayin nan ma haka. Ranar Juma'a Ardo ya ƙirga, ya samu 146.

Hajia_Rabi_Alabar
Wa alaikumus salam. Malam, sarkin ne mai laifi, ba sai an je da nisa ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Da ya ce gobe za a kora shanun surukina su bar gari, wallahi Alhaji ba zai iya buɗe baki ba.

DanAsawase77
Ni kuma Alhaji nake gani. Haɗama ce kawai. Shanu 25 a dam ɗin da mata ke sha.

Teacher_Mumuni
Malam Sani, labarin ya yi daɗi, musamman ƙarshensa. Amma ina ganin tambayar wa ke da laifi ita ce tarkon. Ku cire Alhaji da sarki daga garin, ku zuba mutanen kirki ashirin masu shanu daidai wa daida, abin nan zai faru duk da haka. Bari in gwada da lissafi, lambobin nawa ne na misali.

Mu ce kowane gida yana da shanu 5, jimla 100, fadama kuma 100 take iya ɗauka. Mu ce duk sa ɗaya da aka kiwata daga kaka zuwa Babbar Sallah yana kawo ribar sidi 2,000. Kowane gida ribarsa 10,000 ke nan, gari duka 200,000.

Yanzu mu ce duk san da aka ƙara a kan 100 yana rage wa kowane sa a garken sidi 30, saboda ciyawa ta ragu, ba su yi ƙiba kamar da ba. Ni na ƙara ɗaya. Sabon san nawa ya kawo mini 1,970. Tsofaffin biyar ɗina sun yi asarar 150. Na ci ribar 1,820. Amma sauran shanu 95 na maƙwabtana sun yi asarar 2,850. Wato gari ya koma baya da 1,030, ni kuwa aljihuna ya cika. Kuma babu wanda zai zo ƙofar gidana, domin kowane gida 150 kawai ya rasa, ba zai ma gane ba, zai ce bana shanu ba su yi kyau ba.

To kowa ya yi wayon da na yi, kowane gida ya ƙara biyu. Shanu sun zama 140 kamar na labarin. Ribar kowane sa ta faɗo zuwa 800. Gida mai shanu 7 ya tashi da 5,600, alhali da can da biyar yana samun 10,000. An ƙara wahala, an rage samu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mutumin kirki da ya ce shi ba zai ƙara ba. Garke ya tsaya a 138, ribar sa ɗaya 860, biyar ɗinsa sun ba shi 4,300. Da ya bi sahu da 5,600 ya samu. Kun ga ko an riga an lalace, wanda ya kame hannunsa shi ya fi kowa shan kashi. Dattijon labarin ba mugu ba ne, lissafinsa daidai ne.

DanAsawase77
Tica, to in haka ne ai ba za su daina ƙarawa ba har shanun su mutu duka?

Teacher_Mumuni
A lissafin nan suna tsayawa wajen shanu 8 kowane gida, kusan 160. A nan ribar sa ta koma 200, abin da sabon sa zai kawo maka bai kai abin da zai cinye wa tsofaffinka ba. Gida ya tashi da 1,600 maimakon 10,000. Amma wannan a takarda ne, inda fadama ke komawa yadda take kowace shekara. A daji ba haka ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Garrett Hardin ya yi fice da wannan misali na makiyaya a wata maƙala a 1968, shi kuwa cewa ya yi ƙarshen abin halaka ce ga kowa.

Bello_Tulaku
Tica ya faɗi gaskiya da ya ce a daji ba haka ba ne. Ni a kiwo na tashi kafin in dawo kasuwar shanu ta Ashaiman. Ciyawa ba ta raguwa kaɗan-kaɗan kamar yadda ya lissafa. Gamba tana da saiwa mai zurfi, ko an cinye ta in aka ba ta hutu sai ta sake tofowa. Amma in da zarar ta fito da ɗanyen ganye a farkon damina baki ya sauka a kanta, ta sake fitowa a sake cinyewa, saiwar ce ke ƙarewa. Shekara biyu, uku, sai ka nemi gindin ka rasa. Abin da zai fito a wurin shi ne abin da dabba ba ta so, irin su tafasa. Mutumin birni in ya zo da damina zai ga wuri kore shar ya ce ai ga ciyawa. Makiyayi ne ya san babu komai a ciki.

In kana so ka gane fadama ta fara mutuwa, kada ka dubi nesa, dubi kewayen mashaya. Za ka ga fili fetal ba ko tsinke, kuma kowace shekara filin yana faɗaɗa. Ƙasar wurin ta daddale da kofato, ruwan sama ba ya shiga, sai ya gudu da ƙasa ya zuba a dam. Shi ya sa dam ɗin labarin yake ƙafewa da wuri. Ba shan da shanu ke yi kaɗai ba ne, cikinsa ne ya cike da laka, kuma ruwa marar zurfi rana ta fi saurin ɗauke shi. Fadamar da ke ɗaukar 100 da can, yanzu ko sun koma 100 ba za ta ɗauke su ba sai an hutar da ita.

Ummu_Fauziya
Ni abin da ban ji daɗinsa ba, kullum in aka tashi maganar shanu sai a jawo Fulani. Me ya kawo Ardo cikin labarin? Mun san abin da irin waɗannan maganganu ke jawowa a ƙasar nan.

Malam_Sani_Aboabo
'Yar'uwa, ki sake dubawa. Ardo ba shi da sa ko ɗaya a cikin 146 ɗin nan, kiwo aka ba shi. Shi kaɗai ne ma ya zo taron da ƙidaya a hannu.

Ummu_Fauziya
To shi ke nan. Amma ɗalibai ba duka za su lura ba, ka fito da shi fili.

Awudu_Nima
Ku bar zancen ƙauye, ni a gidan haya nake ganin wannan kullum. Ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya. Da can raba kuɗin wuta muke yi daidai. Sai mai ɗakin ƙarshe ya sayo hita, na kusa da shi ya ce ai ba zan biya wa wani ruwan zafi ni ina wanka da na sanyi ba, shi ma ya sayo. Kafin ka ce kwabo kuɗin da muke sawa na wata ya koma na kwana goma. Muka koma tsarin maki, ƙwai maki ɗaya, fanka kaza, firji kaza. Sai aka koma ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gado. Abin bai lafa ba sai da kowa ya samu ƙaramar mita tasa. Don haka ni maganina ɗaya ne, a raba fadamar gida ashirin, kowa ya killace nasa. Kowa tasa ta fisshe shi.

Alhaji_Kejetia_Goro
Awudu ya gama magana. Abin da ba na kowa ba, ba mai kula da shi. Ko a sayar wa Alhajin labarin fadamar gaba ɗaya, ya riƙa karɓar kuɗin kiwo. Ku duba lissafin Tica, mutum ɗaya in shanu 100 duka nasa ne ba zai ƙara na 101 ba, domin 1,970 zai samu ya rasa 3,000.

Bello_Tulaku
Alhaji, lissafin ya yi, amma matan garin fa? Su ma su sayi ruwan sha a hannunsa? Awudu kuma, wuta tana rabuwa da mita, fadama ba ta rabuwa haka. Wani yanki yana da damshi har bazara, wani tun hunturu ya bushe. Wanda rabonsa ya faɗa bakin dam ya zama sarki, na nesa sai ya ratsa gonar mutum goma kafin shanunsa su sha. Sannan kuɗin waya da turaku na shinge ashirin ya fi kuɗin shanun wasu. Gyara kayanka aka ce, ba sauke mu raba ba.

Ustaz_Tafo
Bismillah. Maganar sayar da fadama ga mutum ɗaya akwai abin dubawa. Hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ciyawa da ruwa da wuta. Amma tarayya ba ta nufin a sake babu tsari. Shari'a ta san hima, wato shugaba ya keɓe wani yanki na makiyaya don maslahar jama'a.

Abin da ya fi dacewa da gardamar dattijo da Alhaji shi ne umarnin da Sayyidina Umar ya ba wanda ya ɗora a kan hima, yana cikin Bukhari. Ya umarce shi ya bar mai ɗan ƙaramin garke ya shiga, ya yi hattara da dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilin da ya bayar shi ne, su in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, mai ɗan garke kuwa in nasa suka halaka sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba. Ku lura, manyan sahabbai biyu ya ambata da suna, bai ji nauyi ba. Da ni ne sarkin labarin, ba zan taɓa mai saniya biyu ba. Daga sama zan fara yanka, kuma daga gidana.

Hajia_Rabi_Alabar
Allah ya saka da alheri Ustaz. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Zulai_Legon
Kawu Mumuni, ka kawo Hardin ka tsaya a nan, ai rabin zancen ne. Akwai Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, mace ta farko da ta same ta. Aikinta shi ne bin garuruwan da suka daɗe suna cin moriyar abu ɗaya tare, daji ko ruwan noma ko makiyaya, ba su raba ba, gwamnati ba ta karɓe ba, kuma abin bai lalace ba. Abin da ta nuna shi ne misalin Hardin ya dace da wurin da ba shi da ƙofa, kowa ya ga dama ya shiga. Kayan gari da aka san masu shi kuma ake da doka a kansa wani abu ne daban.

Misalin da ya fi kama da namu wani ƙauye ne a tsaunukan Suwizalan mai suna Törbel. Suna da makiyayar gari a kan tsauni. Dokarsu tun 1517 ita ce ba ka tura shanu makiyayar gari fiye da adadin da ka iya ciyarwa da kanka a lokacin sanyi. Ku ga hikimar. Ba a ce kowa biyar ba, ba a ce kowa ya rage kashi kaza ba. An ɗaure adadin da wani abu da kowa ke gani da idonsa, kuma ba ya ƙaruwa dare ɗaya. A garin Malam Sani sai a ce, iya harawa da kara da dusar da ka tanada da kaka, iya shanun da za ka saki. Surukin Kumasi da bai tara ko dami ɗaya ba, ya fita da kansa ba tare da an ci wa sarki fuska ba.

Kuma kuskuren taron a wurina ba rashin yanke hukunci ba ne kawai. Sun sanar cewa doka na zuwa, ba su faɗi ranar da za a ɗauki ƙidaya ba. Shi ya haifi shida ɗin nan. Da sarki ya ce ƙidayar da Ardo ya yi yau da safe ita ce za a yi aiki da ita, duk abin da ya shigo bayanta ba a san da shi ba, da dattijo bai taɓa kuɗin gyaɗarsa ba.

Teacher_Mumuni
Zulai, maganar ranar ƙidaya ta yi, ban hango ta ba sai da kika faɗa. Amma dokar harawa ai Alhaji za ta fifita. Shi ke da manyan gonaki, shi ke da kuɗin sayen dusa mota-mota. Kin kawo dokar da ta saɓa wa ta Ustaz.

Zulai_Legon
Za ta fifita shi, gaskiya ne. Sai a haɗa, biyu ko uku na farko kyauta ga kowane gida, abin da ya haura a auna da tanadi. Ban ce akwai dokar da za ta faranta wa gida ashirin rai ba.

Kofi_Musa_Elmina
Ni saurayin labarin nake goyon baya, kuma na ga kowa ya tsallake maganarsa. A bakin teku mun san ranar Talata ba a fita kamun kifi, tun kaka da kakanni, kuma ana kiyayewa domin duk wanda ya tura kwalekwale gari duka na kallonsa. Amma da gwamnati ta rufe teku wata guda ga masu kwalekwale a 2019, ƙorafin da ka fi ji a bakin masunta shi ne na saiko, wato manyan jirage su kwashe ƙananan kifi, su daskarar da su, a sayar a tsakiyar ruwa. Mutum ya ce ni in zauna a gida wata guda, wa nake tara wa kifin? In ba a toshe shanun ƙauyen gabas ba, duk dokar da za a kafa a gindin tsamiya ba za ta kai Sallah ba.

Zulai_Legon
Shi ne ma sharaɗi na farko a abin da Ostrom ta lissafa, a san iyakar abin, a san waɗanda ke da haƙƙi a ciki. Bayansa a samu mai sa ido wanda jama'a za su iya tuhuma, da horo mai hawa-hawa, na farko gargaɗi, na biyu 'yar tara, ba a fara da korar mutum daga gari ba.

Bello_Tulaku
Toshe ƙauyen gabas da baki yana da sauƙi. Shekarar da naku dam ya ƙafe, ina za ku kai shanu? Wurinsu. Makiyayi ba ya hana maƙwabci ruwa domin ya san gobe shi ne mai roƙo. Abin da ake yi shi ne a je a zauna da sarkinsu, a ce ku zo da rana ba da dare ba, adadi kaza, a gefe kaza.

DanAsawase77
Ai galamse, haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya, ma haka ne. Ku dubi kogin Offin da na Pra yadda suka koma. Kowa ya ce in ban haƙa ba wani zai haƙa.

Alhaji_Kejetia_Goro
Wannan kuma akwai manya a ciki, kada ka jawo mana. Mu tsaya a shanu.

Inna_Sabon_Zongo
Ina ta karantawa ina dariya ni kaɗai. Kuna ta zagin surukin sarki, to mu nawa ne a nan ba mu da shanu a arewa? Ni ina da uku a wurin ƙanena. Na tura kuɗi ta waya aka saya, ban taɓa ganinsu ba sai a hoto, ban san a wane dam suke sha ba, ban taɓa tambaya ba. Mu 'yan zango shanu ne bankinmu. In ciniki ya yi kyau a ƙara ɗaya, in za a aurar da yarinya a sayar da ɗaya. Mu ba ma shan ruwan, ba ma ganin fadamar, ko ɗari da hamsin ɗin da Tica ya ce maƙwabci na rasawa mu ba ma jin zafinsa. Malam Sani, ka sa wa surukin nan baki a labarin, ka bar shi ya kira waya ana tsakiyar taro.

Malam_Sani_Aboabo
Inna, wannan zan ɗauka. Amma har yanzu mutum biyu ne kawai suka amsa mini abin da za su yanke in su ne sarki.

Awudu_Nima
Ni na amsa, a raba. Bello bai gamsar da ni ba. In fadama ba ta rabuwa a raba kwanaki, kowace unguwa da ranarta.

Bello_Tulaku
Raba kwanaki ba ya rage baki, Awudu, ciyawar dai ita za a ci. In ni ne sarki ga abin da zan yi. A kewaye dam da ƙaya, a ja ruwa zuwa kwami a waje, kada kofato ya sake taka gaɓa. A raba fadama biyu, rabi ya huta daga saukar ruwan farko har gamba ta yi iri ta zubar. Sannan a rage, amma ba rana ɗaya ba. In ka ce a fitar da shanu 46 a mako guda cikin bazara, ramammu, mu dillalai za mu saye su a wulaƙance, masu su kuma ba za su yafe wa sarki ba har abada. A ba da wa'adi zuwa Sallah lokacin da kasuwa ke nema.

Akwai kuma abin da ba wanda ya taɓo. Yaya ake biyan Ardo? A wurare da yawa ladan makiyayi yana tafiya da yawan garke, ko nono ne ko kuɗi bisa kai. In haka ne, kun ɗora ƙidaya a hannun mutumin da abincinsa ke raguwa duk lokacin da aka rage sa ɗaya. Na labarin mai gaskiya ne, amma ba za ka gina doka a kan sa'ar samun mai gaskiya ba.

Hajia_Rabi_Alabar
To a ba Magajiya ƙidayar. Su ke zuwa dam safe da yamma, kuma ita kaɗai ce ta iya tambayar sarki.

Teacher_Mumuni
Hajiya, in ta ƙirga ta samu na mijinta sun haura fa? Ko na ɗanta?

Hajia_Rabi_Alabar
Sai su ƙirga su biyu, ita da Ardo, ranar Juma'a a gaban kowa. Tica, kai komai aka kawo sai ka nemo masa rami. Malam Sani, kwamitin nan na mutum biyar da aka naɗa, su wane ne a ciki? In da Alhaji a ciki ka faɗa mana tun yanzu.